Kujera Ɗari a Ofishin Malam Mika'ilu

Malam Mika'ilu ɗan Ƙofar Ran ne, kuma tebur ɗaya muke da shi a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwalejin koyon aikin jinya a Bauchi. Mutum ne mai naci har ya ƙure ka. Shayinsa ma sai ya huce yana musu.

Shekara da shekaru musunsa ɗaya ne. Da makin JAMB kaɗai muke ɗauka, shi kuwa cewa yake zalunci ne. Yarinya daga bayan Tirwun, ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ta yaya za a auna ta da wuni guda a watsar da karatun shekara shida? Ya dame mu, ya dami kwamiti, har ana ganinsa ake sauya hanya. Bana dai suka gaji suka amince.

Ga tsarin: a raba makin JAMB gida takwas, ɗari huɗu ya koma hamsin. Sauran hamsin daga darussa biyar na WAEC, A1 maki goma, a riƙa sauka da ɗaya-ɗaya har C6 mai biyar. A haɗa, a jera daga sama. Kujera ɗari gare mu, makin na ɗari shi ne iyaka.

A cikin masu nema har da 'yarsa Madina. Ta ci 264 a JAMB, a tsohon tsari da ta shige ba ko waiwaye. Amma WAEC daga asibiti ta riƙa zuwa rubutawa, tana jinyar mahaifiyarta, wadda ba ta tashi ba. A can ma ta ƙudurta wannan karatu. A WAEC ɗin ta samu C6 uku, C5 biyu, ashirin da bakwai ke nan. Da talatin da uku na JAMB, sittin.

Na ɗari ya tsaya a sittin da ɗaya.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, a sauke iyakar mana, maki ɗaya ne fa!"

Ya ce, "Masu sittin su ashirin da uku ne. Ina za ki zaunar da su? Ko tawa zan tsamo in bar na mutane?"

Da la'asar Madina ta zo ofis da kanta. Ta gaishe ni, ta durƙusa gefen kujerarsa. Ba ta yi kuka ba, ni ce ma na kasa haɗa ido da ita.

"Baba, an ce da bara ne da na samu. Don Allah wane ne ya kawo wannan sabon lissafi?"

Na yi saurin cewa kwamiti ne. Ya ɗaga mini hannu.

"Ni ne, Madina. Ni na roƙa."

Ta miƙe ta gyara hijabinta, ta ce, "To, Baba. Me zan dafa maka da dare?"