Hoton da Mijina Ya Goge Kansa a Ciki

Mijina mai hoto ne, kuma duk layinmu Kar-ka-motsa ake ce masa. Sunan ya samo asali tun zamanin fim, lokacin da in mutum ya ƙyafta ido hoton ya lalace. Har ni da na haifa masa 'ya'ya biyar, in raina ya ɓaci da sunan nake kiransa.

Shekara talatin da huɗu ke nan da ya buɗe shagonsa a bakin titi, ina goye da 'yarmu ta fari. A ƙuryar shagon yake wanke hotuna, yatsunsa kullum suna warin magani. Da zamani ya juya, kowa ya riƙe waya, sa'o'insa duk suka watse, wasu suka koma sayar da caja. Shi kuwa sai ya sayi kwamfuta, ya zauna yana danna ta da yatsa ɗaya har ya iya. Allah da ikonsa, sai ga yaran yanzu sun dawo suna neman hoto irin na dā, mai dishi-dishi, wanda launinsa ya koɗe. Abin da muka yi ta fama mu rabu da shi, shi suke bin layi a yi musu.

A nan ne fa ba a kama ƙafarsa, don ya san abin tun daga tushe. In ya ga wanda aka yi da waya sai ya taɓe baki.

"Sun watsa yashi a fuskar mutum sun ce tsohon hoto ne," in ji shi. "Yashin fim, ɗigo-ɗigon nan da ake gani a tsohon hoto, ba ko'ina yake fitowa daidai ba. Ya fi fitowa a inuwa da tsaka-tsaki. Inda haske ya yi fari fat, da ƙyar za ki gan shi."

Ni dai sai in ce to, in ci gaba da shara.

Shagon da ke manne da nasa na Tela ne. Shekara shida muna nan kafin Tela ya zo, kuma mijina ne ya kai shi wurin mai ginin ya tsaya masa. Tun daga ranar suka zama abu ɗaya. Kowace safiya kujera biyu a baranda, butar shayi ɗaya. Matarsa ce ta yi min wankan jego a haihuwata ta uku. 'Ya'yanmu Baba Tela suke ce masa.

Bara mai ginin ya rasu. 'Ya'yansa, waɗanda a wani gari suka tashi, ba su san kowa a layin ba. Suka aiko cewa za su rushe gaban ginin su yi babban kantin magani, shago ɗaya tal zai rage, kuma wanda ya fi daɗewa shi za a bar wa. Takardun tsohon kuwa gara ta gama da su. Ban damu ba ko kaɗan, don kowa ya san wa ya riga wa. Mijina ma har ya fara auna shagonsa da ido, yana lissafin inda keken ɗinkin Tela zai shiga in sun raba shi biyu. Bai dai faɗa masa ba, wai sai ranar ya ba shi mamaki.

Ana nan, wata safiya Tela ya ajiye kofinsa ya yi ajiyar zuciya.

"Mutumina, ka san ba ni da hoton ƙuruciyata ko ɗaya? Ruwan da ya shiga mana ɗaki ya cinye su. Jikoki suna tambaya, ba abin da zan nuna."

"To ai ga babban ɗanka nan, kamar an tsaga kara," in ji mijina. "Sa masa kayan dā, ya zauna a kan tsohon kekenka, ka bar min sauran."

Da bakinsa ya kawo shawarar. Wannan na daga cikin abin da ke ci min rai har yau.

Ya ɗauki aikin kamar na sarki. Ɗan Tela, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya sa riga mai faɗin wuya da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, aka fito da keken ƙafa baranda. Mijina ya jira sai da rana ta yi sanyi, haske ya kwanta. Ya yanki tsohon baƙin mayafina mai shara-shara, ya ɗaure a bakin gilashin kyamara da roba, don kaifin hoton ya ragu, haske kuma ya ɗan bazu a gefen farar riga. Bai ko tambaye ni ba. Sannan ya bi barandar yana kwashe duk abin da zai tona zamani: kujerun roba, agogon hannun yaron, wayar da ta turo aljihunsa.

Tela ya ce a ja baya, a ɗauko har da gefen ginin, don jikoki su ga yadda layin yake. Sai shagonmu ya shigo cikin hoton, da ƙofarsa ta gilashi da allon da aka buga da inji.

"Wannan allon zai ɓata mana aiki," in ji mijina. "A lokacin ba irinsa."

"Gaskiyarka," in ji Tela. "A cire shi."

Kwana uku suna gaban kwamfuta, ina kai musu abinci. Mijina ya goge allon, ya goge sunansa, ya mai da ƙofar gilashi tsohuwar ƙofar katako a rufe. Ya rage shuɗi, don shi ne ke fara gudu daga tsohuwar takarda, hoton ya koma ja-ja, rawaya-rawaya. Baƙi ya dishe ya zama ruwan ƙasa, fari ya zama kamar madara. Ya ɗan duhunta kusurwoyi. Yashin ya bari sai ƙarshe, ya ce in aka sa shi kafin a tausasa hoto narkewa yake yi. Tela na tsaye a bayansa, hannu a kafaɗarsa, yana nuna allon kwamfutar.

"Ga sauran harafi nan, mutumina. Ƙara gogewa."

Da aka gama sai Tela ya ce a sa kwanan wata a kusurwa, irin lambobin nan ruwan lemo da kyamarorin dā ke bugawa. Ya ce a sa shekarar aurensa, shekara talatin da shida baya. Mijina ya sa. Ya buga hoton a takarda marar sheƙi, ya zagaye kusurwoyin da almakashi. Da Tela ya karɓa sai da ya share hawaye, ni ma sakarai na taya shi.

Bayan wata uku magadan suka zo. Aka zauna a shagon mai sayar da fenti da rana tsaka, babban ɗan marigayin da ƙanwarsa da mutanen layi. Na bi mijina don na san shi, ba ya iya magana a taro. Kafin ya buɗe baki, Tela ya zaro wani abu daga jaka, an sa shi a tsohon firam mai tsatsa.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da dogon zance. Ga ni nan a ƙofar shagona, ga shekarar a rubuce. Ku dubi shagon gefe. Ko buɗe shi ba a yi ba."

Wallahi hoton nan ne da mijina ya yi masa. Hoton ya zaga hannu-hannu. Mai fenti, wanda ya san gaskiya sarai, ya sunkuyar da kai, don 'yarsa ce ke auren ɗan Tela. Ƙanwar magajin ta ce, "Kai, dubi yadda ya koɗe! Irin wannan ai ba a ƙirƙirarsa." Sai yayanta ya miƙa wa mijina.

"Baba, kai ne masanin abin. Wannan tsohon hoto ne?"

Mijina ya riƙe firam ɗin ya daɗe yana kallo. Na ga babban yatsansa yana shafa wurin da allonsa yake a dā. Tela kuwa ya kafa wa silin ido kamar an rubuta masa wani abu a can.

"Wata uku ke nan da na yi shi," in ji mijina a hankali. "Wannan ɗansa ne. Ku cire firam ɗin ku dubi bayan takardar, fara ce tas. Na asalin yana cikin kwamfutata, da allona da komai."

Aka cire, aka gani. Amma magajin ba yaro ba ne. Ya ce, "To Baba, in kana iya wannan, duk hoton da kai ma za ka kawo, ta yaya zan yarda da shi?"

A nan na ga mijina ya tsufa a gabana. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa tuhumar aikinsa. Na tashi na tafi gida, na jawo gwangwanin da nake ajiye negatif ɗinsa, wato fim ɗin hotunan dā da kwamfuta ba ta iya taɓawa, wanda sau uku yana cewa in zubar. Na dawo na zazzage shi a kan teburin mai fenti. Muka ɗaga su a hasken ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ga ni ranar buɗe shago da jaririya a baya, 'yar da yanzu kowa a layin ya san shekarunta, shagon gefe kuwa cike da buhunan gawayi. Ga wani kuma, yarinyar ta yi wayo har da kayan makaranta, tana riƙe wa Tela almakashi ranar da ake shigar masa da keke. Magajin ya duba ya duba, ya ce magana ta ƙare, shago na mijina ne.

Da muka fito Tela ya biyo mu baranda.

"Mutumina, ka fahimce ni. Kai ko a ɗaki ka ajiye kwamfutarka za a neme ka. Ni in na bar bakin titi na mutu."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, mijina ya riƙe min hannu. Sannan ya shige shago.

Tela ya kwashe kayansa a ƙarshen watan, ya koma wani lungu bayan tasha. Matarsa in ta hango ni a kasuwa sai ta sauya hanya, kuma gara da take yi, don ni ban huce ba, ba kuma na jin zan huce. Mijina yana nan yana aikinsa. Amare suna zuwa, yana ɗaura mayafina a kyamara, yana koɗar musu da launi. Kwanan wata ne kawai ya daina sawa, ko an roƙe shi.

Rannan na kai masa abinci na tarar ya buɗe hoton na asali, mai kaifi, da allonsa da sunansa raɗau. Na ce ya goge shi mu huta.

"Ba hoton ke damuna ba, maman yara," ya ce. "Kwana uku hannunsa yana kafaɗata."

Sai ya juya ya dubi gefen taga, inda tun bara ya janye kabad ya bar fili, har ya ja layi da alli a ƙasa daidai faɗin keken ɗinki.

"Nan na so ya zauna," ya ce. "Haske ya fi kyau a nan."