Wasiƙar Auta a Shafi Ɗaya

Ni na goyi Auta, ni na koya mata riƙe fensir, ni kuma na kai takardunta makarantar da nake koyarwa har aka ɗauke ta aiki. Ina faɗin wannan tun farko ne don kada a ji abin da na yi a ce ba na ƙaunarta.

Mu shida Inna ta haifa, ni ce babba, ita ce ta ƙarshe. Tun tana ƙarama ba ta da baki. Ki aike ta shago, sai ta dawo ta gaya miki yawan takun da ta yi zuwa da dawowa, amma ta manta canjin a kan kanta. Ni ce mai maganar gidan, ni ake turawa gaba in an yi baƙi. Ta girma a haka, ta zama malamar lissafi mai zuwa aiki da jaka guda da takalmi guda, ga farin alli har a gira. A ɗakin malamai kujerarta tana bayan ƙofa, inda fanka ba ta kaiwa. Shekara shida ba ta taɓa cewa a sauya mata ba.

Ni kuwa shekarata goma sha huɗu ina koyar da harshe, kuma duk takardar da za ta fita daga makarantar sai ta bi ta hannuna. Da aka ce hukumar ilimi ta ba da gurbin ƙaro karatu, mutum ɗaya daga kowace makaranta, har na fara tunanin wa zai riƙe min ajina. Sai Shugaba ya kira sunan Auta a taron malamai. Na tafa. Wallahi na tafa, amma tafin bai wuce tafin hannuna ba.

Kwana biyu bayan haka ya kira ni ofis. Ya rubuta mata wasiƙar shaida shafi biyu cif, alhali ƙa'idar hukuma ta ce shafi ɗaya, abin da ya haura ba za a karanta ba. Ya so a ƙanƙance rubutun a matse gefe, na nuna masa inda suka ƙayyade girman harafin ma. Sai ya turo min takardar, ya ce ai ni ce gwanar, kuma ƙanwata ce, wa zai fi ni yi mata da kyau.

Na zauna gaban kwamfutar ɗakin malamai na karanta. Shugaba mutumin kirki ne, amma in ya kama rubutu kamar mai ba da labari a gidan suna. Rabin shafin farko gaisuwa ce da tarihin makaranta. Sauran yabo: tana da haƙuri, tana da ladabi, ba ta makara, haƙurin ma sau uku ya zo. Abin da zai sa a ba ta gurbin yana can gindin shafi na biyu. Shekarar da ta karɓi ajin ƙarshe, yara goma sha ɗaya cikin sittin ne suka ci lissafi a jarrabawar fita. Bayan shekara uku, arba'in da ɗaya cikin hamsin da takwas. Da ajin ƙarin darasi na ranar Asabar ta yi wannan, ba wanda ya sa ta.

Na san aikina sarai. Masu tantancewa wasiƙa ɗari za su gani, kowacce ta ce mai ita na da haƙuri da ladabi. Lambobin nan ne kaɗai ba kowa ke da su ba. Ina sane na datse wasiƙar daga ƙasa. Na bar gaisuwa, na bar yabo, na goge shi har yana ƙyalli, lambobin suka tafi. An ce a rage, na rage, wa zai kama ni da laifi?

Shugaba ya karanta yana gyaɗa kai, don duk jimlolin da yake ji da su suna nan. Har ya ciro biro, sai ya ce a kira mai ita ta gani. Auta ta shigo tana goge hannu a jikin mayafi. Ta karanta a tsaye, a hankali, leɓenta na motsi. Na zuba mata ido ina jira ta tambayi ina sakamakon yaranta, don in ce ba wuri. Ba ta tambaya ba. Ta ɗago da ido jajir ta ce, "Yaya, duk ni ce wannan? Allah ya saka da alheri."

Ban san lokacin da na fizge takardar ba. Haushi ne ya kama ni, ba tausayi ba. Mace mai lissafa takunta zuwa shago, a kwashe mata aikin shekara uku a gaban idonta ta yi godiya! Na ce wa Shugaba ya mayar da bironsa, akwai gyara.

Na koma na yi abin da ya kamata tun farko. Na sa aka ɗauko min takardun sakamako daga kabad na duba lambobin, sun yi daidai. Gaisuwa ta koma layi ɗaya, tarihin makaranta ya fita. Na buɗe da waye mai rubutun da shekarun da ya san aikinta, nan take na bi da lambobin, da shekarunsu, sannan ajin Asabar da yadda take raba yaran rukuni-rukuni bisa inda kowa ya makale. Haƙuri da ladabi na bar musu jimla guda. Kwamitin tsafta da taron bita na kwana biyu duk na share, gaskiya ne amma ba su da nauyi. Na rufe da abin da karatun zai ƙara wa ajinta.

Sai layi biyu suka tsallaka zuwa shafi na biyu.

Akwai jimlar da ban gaya muku ba. A bayanin ajin Asabar, Shugaba ya rubuta cewa yayarta, malamar harshe, ita ta kawo shawarar, ita kuma ta bi iyaye gida-gida har suka yarda su riƙa turo yaran. Gaskiya ce. Shekara goma sha huɗu, karo na farko ke nan da aka ambace ni a takarda mai hatimi. Ko a wasiƙar muguntar da na yi sai da na nemo wa jimlar nan wuri. Layi biyu ce cif. Na nemi wani abin cirewa, na sauya kalmomi, na haɗe jimloli, na samu rabin layi. Abin da ya saura duk nata ne, kuma duk ya fi tawa amfani. Tawa ma rage mata take yi, don mai karatu zai ce ashe ba dabararta ba ce. Na daɗe da yatsa a kan madannin kafin na goge.

An ba ta gurbin. Ranar da labari ya zo na je gidan Inna, na tarar Auta ta kai mata kwafin wasiƙar. Inna ba ta karatu, ta miƙo min ta ce in karanta mata in fassara. Na karanta tun daga sama har sa hannun Shugaba, tana ta sa wa Auta albarka. Da na gama ta karɓa, ta juya bayan takardar ta ga fari fat.

"Ke fa? Duk shekarun nan ba su ce komai a kanki ba?"

Auta ta buɗe baki, na riga ta.

"Shafi ɗaya suka ce, Inna. Ba wuri."