Ƙiraɗi Ashirin da Huɗu na Gidan Ya'ƙub Direba

Ya'ƙub direba mutum ne da idan ya ji magana daga bakin wanda ya yarda da shi, to ta zauna, ko da gatari ba a cire ta. Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif, ya shigo Alƙahira yana saurayi, ya shekara ashirin da ɗoriya yana jan motar mutane a unguwar Dokki. Bai taɓa buge ko akuya ba. Ya kan faɗi haka da alfahari, duk da cewa akuya ba ta yawo a Dokki.

Matarsa Mahasin mai lalle ce, kuma tana haɗa turaren wuta da humra. Duk amaryar Sudan da aka kai unguwarsu ta Hayyus Sabi' a shekarun nan, da wuya ka ga hannunta bai bi ta gidan Mahasin ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi neman magani har suka gaji, daga baya suka mai da ƙarfinsu kan gida. Shi ya tara, ita ta tara, ta sayar da awarwaronta na zinariya, suka sayi gida a hawa na huɗu: ɗaki biyu, falo, kicin, da wata baranda da mutum biyu ba sa wuce juna a cikinta sai ɗaya ya ja ciki.

Ranar rubuta takardar ciniki, Ya'ƙub ya nace a sa sunayensu biyu, rabi da rabi. Dalilinsa shi ne wani Bature da yake wa tuƙi ya taɓa gaya masa, suna tsaye a cunkoson gada, cewa a ƙasarsu idan miji da mata suka sayi gida da suna biyu, duk wanda ya riga mutuwa, gidan ya zama na mai rai gaba ɗaya, ba kotu ba dangi. Baturen bai yi ƙarya ba, maganar ƙasarsu yake yi. Ya'ƙub ne ya ɗauko ta ya ɗora wa duniya baki ɗaya. Ya dawo gida ya ce wa Mahasin, "Khalas, shi ke nan, na gama miki tanadi. Ranar da na faɗi, babu ɗan uwana da zai taka miki matakala." Ta ce Allah ya saka da alheri, ta ci gaba da kwaɓa lallenta. A lissafinsa shi ne zai fara tafiya, tunda ya girme ta da shekara goma sha ɗaya kuma shi ke yini a titi.

Baturen ya kwashe kayansa a 2011 da gari ya rikice. Mahasin kuwa ta rasu a ƙarshen 2013, bayan ciwon kwana tara. Ya'ƙub ya yi baƙin ciki irin wanda ba ya fita da hawaye. Ya daina girki, ya daina buɗe taga, ya rame har wandonsa ya koma neman igiya.

Bayan an yi sadakar arba'in, Hussain ya bugo waya daga Gadarif. Hussain shi ne ƙanen Mahasin, su biyu kaɗai uwarsu ta haifa, uban ya daɗe da rasuwa. Ya sake yin ta'aziyya, ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Yaya, batun gadon marigayiya fa, yaushe za a duba?"

Ya'ƙub ya ce ai tufafinta da tukwanenta suna nan, duk wanda zai zo ya ɗauka.

"Da gidan," in ji Hussain.

Washegari Ya'ƙub ya saka takardar ciniki a leda ya tafi wajen wani lauya, Ustaz Amjad, wanda ofishinsa ke saman shagon ruwan rake. Ya je ne a ba shi kalmar da zai rufe bakin Hussain da ita. Lauyan ya karanta takardar, ya saurari labarin Bature har ƙarshe ba tare da ya yi dariya ba, abin da ya kamata a yaba masa.

"Ya Hajji," ya ce, "nan Masar ce. Rabinka naka ne, babu mai taɓa shi. Rabinta kuwa gado ne tun daga ranar da ta cika. Ku 'yan Sudan dokar ƙasarku ake bi wajen gado, ita ma fara'il ce, rabon gado na Musulunci, lissafin ɗaya ne. Tana da bashi? Ta bar wasiyya?"

Babu ko ɗaya. Lauyan ya jawo takarda ya ce a nan kowane gida, babba ko ƙarami, ana ƙirga shi ƙiraɗi ashirin da huɗu. Sha biyu na Ya'ƙub ne. A sha biyun Mahasin, miji yana da rabi tunda babu ɗa, shida ke nan. Uwa tana da sulusi, huɗu. Ɗan uwa ya kwashe saura, biyu.

Abin haushin shi ne Ya'ƙub ya san wannan lissafi. Ya sha jin sa a masallaci, har ya taɓa gyara wa wani a kansa. Kawai bai taɓa zaton zai hau hawa huɗu ya same shi ba.

"To, biyu cikin ashirin da huɗu," ya ce. "Ya zo ya ɗauki baranda."

"Ma'alish, ka yi haƙuri, ba haka ake yi ba. Biyunsa suna cikin kowane bulo. Mai ƙiraɗi ɗaya ma yana da ikon zuwa kotu ya nemi a raba. Gida irin naka ba ya rabuwa, sai kotu ta sa a yi gwanjonsa a ba kowa nasa. Mafita ita ce ka saye nasu, ko su bar maka da yardarsu, a rubuta."

Saye dai ba ya cikin magana. Tun da 'yan Siriya suka cika unguwar, gidaje suka yi tashin gwauron zabi, shi kuma yanzu tuƙin haya yake yi na wuni-wuni. Aka shigar da takarda kotun iyali, aka kawo shaidu biyu, aka fitar da takardar sanarwar magada da sunaye uku. Hussain ba mugu ba ne. 'Ya'ya bakwai gare shi, kuɗin Sudan kuma ya zama ganye, ga wani ya gaya masa farashin gida a Alƙahira. Duk wata sai ya bugo, kullum da ladabi, kullum ladabin yana raguwa.

Saura mutum ɗaya da maganarta za ta iya tsayar da Hussain, wato Inna Fatuma, uwar Mahasin. Nan kuma gizo ke saƙar. Shekara goma sha tara Ya'ƙub yana auren 'yarta, bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba. Duk abin da ke tsakaninsu, Mahasin ce ke kai wa ta kawo. Yanzu mai kai saƙon ita ce babu. Sau uku yana kiran wayarta, sau uku yana tambayar lafiyar ƙafarta da damina, ya ajiye. Mutum ya buɗe baki ya ce wa surukarsa ta bar masa gadon 'yarta? Gara gwanjon.

A kakar 2014 aka buɗe hanyar mota daga Halfa ta Sudan zuwa Masar, kuma cikin waɗanda suka fara bin ta har da Inna Fatuma, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, da buhun kuɓewa busasshiya da sanda. Ya'ƙub ya tarbo ta a tasha, ya ɗauki kaya, ya yi gaba da taku goma. Ta hau matakalar nan tana hutawa a kowane hawa. Ta shiga ɗakin 'yarta, ta jima a ciki. Da ta fito ta zagaya kicin, ta buɗe tukwane, ta ga ƙura a cikinsu, ta dubi wandonsa. Shi yana tsugune a bakin ƙofa yana nazarin tayil.

Ta juya ta fuskanci bango, kamar da shi take magana. "A gaya wa mai gidan nan na ba Hussain gonata ta bakin rafi, ya bar mini biyunsa. Ga takardar, an buga mata hatimi. Shida ke nan gare ni."

Ya'ƙub ya ce wa tayil, "Allah ya ƙara girma."

"An ce rubu'in gida ne. Na zaɓi ɗakin can."

Lauya ya riga ya ce ai ba a zaɓar ɗaki, amma Ya'ƙub bai ga wanda zai aika ya gaya mata ba.

Haka aka zauna. Gida ya tsira daga gwanjo, mai ƙiraɗi goma sha takwas ya koma cin abinci a baranda, a tsaye, da sauri, ko ana sanyi. Ita ke tuƙa tuwo ta ajiye a kan kujera ta yi tari, shi ya jira ta shige ɗaki ya ɗauka. In ya rage, washegari bango ya sha faɗa. Cikin wata uku ya nemi tela ya buɗa masa wando.

Da ya kai wa Ustaz Amjad takardar Hussain, lauyan ya duba ya ce tamam, ta yi daidai, sannan ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba. Suruki ba ya gadon suruka. Ranar da Hajiya ta rasu, shidan nan gaba ɗaya na Hussain ne, kuma za a koma gidan jiya da kaso mafi girma. Sai dai in ta sayar masa ko ta ba shi kyauta tun tana da rai, a rubuta.

Tun daga ranar babu wanda ya kai Ya'ƙub kula da lafiyar tsohuwa a duk yankinsu na Madinat Nasr. Ya san ranar ganin likitanta, ya san maganin hawan jininta, ya ɓoye gishiri. In ta yi atishawa sai ya fasa fita aiki. Da farko don gida yake yi, shi ma bai ɓoye wa kansa ba. Daga baya ya rasa gane don me yake yi, domin idan ta yi dariya a waya, muryar Mahasin yake ji sak.

Wata Juma'a cikin 2015 ya tattaro duk ƙarfin halinsa, ya ajiye takardar kyauta da lauya ya rubuta a kan kujerar tuwo, ya yi tari, ya fita baranda. Inna Fatuma ba ta karatun boko, amma ta san abin da ke ciki. Ta ɗauka ta juya ta, ta zo har bakin baranda, inda ba ta taɓa zuwa ba.

"Ya'ƙub," ta ce. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Zan sa hannu, amma ba yau ba. Ranar da na sa, kunya za ta kore ni in koma Gadarif, kai kuma ka rufe tagogi ka kwanta. Ɗaya aka binne mini a garin nan, ya ishe ni."

Ta miƙa masa takardar, ta ce ya shigo ciki ya ci tuwonsa a zaune kamar mutum. Ya shigo, ya zauna a kan kujera, ya juya mata baya, ya gutsuri loma. Ya daɗe da lomar a hannu kafin ya kai ta baki.