Babin da Nasiru Ke So a Cire

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Abdu na Bagudo, kuma ban taɓa kewarsa kamar bana ba.

Littafi ɗaya ya fassara: tarin maƙalun wani Badende, ɗan ƙabilar Dendi ta ƙasar Benin, kan rayuwar bakin kogin Kwara, daga Faransanci zuwa Hausa. A gaba ya sa bayani ga mai karatu. Na karanta fassara a Kwatano da Yamai da Alƙahira, ban cika ganin mai fassara ya buɗe cikinsa haka ba.

Ya faɗi abin da ya sa ya bar sunayen kifaye da Dendanci: marubucin ya laƙa musu sunayen kifin Turai, shi kuwa ya tsallaka iyaka, masunta suka nuna masa kowanne. Ya ce maganar masunta ya zuba ta da Hausar Kabi, muryar marubucin kuma da daidaitacciyar Hausa, don a san mai magana. Inda marubucin ya yi wa 'yan Najeriya shaguɓe kan fasa-ƙwaurin mai, bai sassauta ba.

Mafi nauyi shi ne babi na shida, inda masunta ke yanka wa ruwa baƙin akuya kafin su shiga kamun kifi. Ni da shi mun yi musu a kan babin a shagon telan bakin tasha. Na ce ya ƙara ko da "Allah Ya kiyaye" ne. Ya ce, "Alhaji, in na sa, na cusa wa mutum magana a baki." A bayanin ya rubuta cewa bai yarda da al'adar ba, amma bai rage ba, bai ƙara ba. Ra'ayinsa ya tsaya a shafinsa, bai shiga na marubucin ba.

Watan jiya ɗansa Nasiru ya zo da zancen sake buga littafin.

"Baba, a hidda wanga babi. Yanzu shafi guda za a ɗauka hoto a watsa a waya, a ce tsohona na koyar da tsafi. Wa za ya tsaya karanta bayani?"

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Nasiru na kare mutuncin mahaifinsa, kuma tsoronsa gaskiya ne. Da Malam Abdu ya ga yadda ake yanke wa mutum hukunci da rabin shafi, zai dage? Wani lokacin in ce i, wani lokacin in tuna yadda yake gudun fitina.

Amma bayanin alkawari ne ya ɗauka. In an cire babin aka bar shi, mun mai da mamaci maƙaryaci. In an cire duka biyun, an cire wurin da shi kansa ya yi magana a littafin.

Jiya na hau babur na sami Nasiru a gonar shinkafarsu ta Kaoje. Na ce ya buga littafin yadda yake, ko ya bar shi ya huta.

"In an taso mana fa, Baba?"

Na ce a fara da ƙofata. Ni ma zan sa sunana a ƙarƙashin bayanin.