Kalmomi Ɗari na Mai Ludayi

Shekara ashirin da uku Mai Ludayi ta yi tana dafa wa ɗalibai ɗari huɗu abinci a makarantar kwana. Ta shiga kicin ɗin da baƙin gashi, ta fito da furfura da ciwon gwiwa, aka sallame ta da agogon bango ɗaya tak, ko batir ba su saka ba. Bakinta kuwa ya fi ludayin zafi. Idan ta ɗanɗana miyarki ta yi shiru, to ki gode wa Allah.

Autarta, wadda ke aikin jinya, ita ta buɗe mata tashar girki a intanet don zaman banza ya fara mayar da ita masifaffiya. Duk Asabar Auta ta zo ta kafa waya a kan sanda kusa da taga, uwar ta yi girki. Da bidiyo ya kai goma sha biyu, sai Auta ta ce saura na gabatarwa.

"Wanne ne kuma wannan?"

"Shi ne wanda baƙo zai fara gani a shafin tashar, wanda bai riga ya bi ki ba. Kar ya wuce minti ɗaya. Ki rubuta kalma kamar ɗari: tashar ta su wa ce, me za su samu, wace rana, sai ki ce su danna maɓallin bin tasha. Jimlar farko ita ce komai, Mama. In ba ta kama mutum ba, ya wuce."

"Kamu? Ai ni na san kamu."

Kwana uku tana rubutu a bayan tsohuwar kalanda. Ran Asabar ta ɗaura sabon ɗankwali, ta tsaya gaban risho, Auta ta danna. Uwar ta karanta da ƙarfi, har da nuni da yatsa:

"Wannan tashar ta matan da uwayensu suka yi sakaci ce. Ke da kika girma ba ki san yawan ruwan shinkafa ba, ba laifinki ba ne, laifin sakarar uwarki ne. Duk Asabar girki ɗaya, da kayan da ke gidanki, da awo..."

Sai ta lura Auta ta sauke hannu daga wayar.

"Batir ne?"

"A'a. Ci gaba mana, ya yi daɗi. Ashe da ni ake."

"Da ke kamar yaya?"

Auta ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. "Mama, yaushe kika taɓa koya mini girki? Kina fita ina barci, ki dawo da abinci a kula. In na shigo kicin ki ce, 'Fita, kina ɓata mini lokaci.' Shekarata ta farko a gidana ƙwai da taliya muka yi ta ci, har mijina ya ce ya kusa fara cara. Shinkafar da ba ta caɓe ba, a bidiyonki na uku na koya. Ina haɗa bidiyon ina rubuta awon a tafin hannu."

To, a faɗi gaskiya. Makarantar da ta tsotse mace daga asuba zuwa magariba, kwana shida a mako, ita ma da nata kason. Amma ba makaranta ce ta rubuta "sakara" ba. Ita ta rubuta, har ta ja layi biyu a ƙarƙashi don ta tuna ta ɗaga murya.

Mai Ludayi ta nemi inda za ta ajiye idonta ta rasa. Ta dubi risho, ta dubi kwandon albasa. Matar da ta sa shugaban makaranta ya haɗiye maganarsa a gaban malamai, yau ga ta tana murza gefen zani kamar wadda aka kama da nama a baki.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa wa wa? Ke da kike ce wa matar Yaya miyarta ruwan wanke kwano ce?"

Auta ta fara naɗe sandar. "A bari sai wani satin."

"Tsaya."

Uwar ta ɗauki biro ta soke jimla biyun farko, har takardar ta huje. Sannan ta ce a danna. Muryar da ta fito ba ta kicin ɗin makaranta ba ce.

"Wannan tashar ta duk wanda ba a koya masa ba ce. Ni ma akwai wadda ban koya wa ba. Duk Asabar girki ɗaya, da awo, a hankali, ba faɗa."

Ta manta maganar maɓalli gaba ɗaya. Auta ta ce ba komai, za ta rubuta a jikin bidiyon, amma "ba faɗa" ɗin nan alkawari ne babba, a yi tunani.

Uwar ba ta yi dariya ba. Ta jawo faranti da wuƙa ta tura gabanta, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Wanke hannunki. Nuna mini yadda kike yanka albasa."

Auta ta yanka, manya-manya, a karkace. Mai Ludayi ta buɗe baki, ta rufe.