Ciyawar Ƙasan Kwando

Shekara talatin Lalla Zhor tana shirya wa matan Sefrou kwandon kyauta. Dabararta ita ce ƙaramin kwando da busasshiyar ciyawa a ƙasa, kaya su yi tozo, a lulluɓe da ƙyalle mai ado.

Ranar da za ta nema wa ɗanta aure, curin sukari ɗaya gare ta, sai dabino da lalle. Uwar yarinyar, Lalla Batul, ta yaye ƙyallen a gaban baƙi, ta cusa hannu har ƙasa. Zhor ta zuba mata ido.

Batul ta zare hannu, ta raɗa mata: "Sha kuruminki, 'yar'uwa. Kwandon da na kai wa surukata, wa ya cusa masa ciyawa?"