Takardar da Muka Kai wa Likitan Ƙoda

Yayana tela ne a Tudun Wadan Zariya, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Gab da samun mulkin kai, ina koyarwa a firamare, ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Fitsarinsa yana kumfa, kansa kullum cikin ciwo.

Akwai wani likita da ya saba duba mutanen gidanmu. Sau uku yana aika Yaya asibiti a ɗebi jininsa, a tara fitsarinsa na wasu sa'o'i, don a ga yadda ƙodarsa ke tace dattin jini. Kowane awo ya fi na baya muni.

Ranar da na ukun ya fito, likitan ya rubuta takarda a gabanmu zuwa ga wani masanin ciwon ƙoda a Ibadan. Kafin ya liƙe ambulan ya fassara mana abin da ya sa: shekarun Yaya, hawan jininsa, magungunan da ya sha, da sakamakon awon a jere. Tacewar ta faɗi ƙasa da rabin ta mai lafiya.

"Malam, abin ya fi ƙarfina," ya ce wa Yaya. "Ku hau jirgin ƙasa cikin makon nan. Ka rage gishiri da nama, kuma bana kada ka yi azumi."

Yaya ya yi godiya, ya sa takardar a aljihun keken ɗinki. Azumi ya kama, ɗinkin Salla ya taru.

"Yaya, mu tafi mana," na ce.

"In bar mutane ba kayan Salla? Bari a sauko daga Idi."

Azumin ma bai sha ko ɗaya ba. Da kumburarriyar ƙafa yake taka keke, yana aiki yana susa.

Sai bayan Salla muka tafi. A jirgi ya yi ta amai, na riƙe masa kwano har muka isa. Masanin ya karanta takardar, ya dubi ranar da aka rubuta ta, ya sa aka sake awo. Bayan sakamako ya fito ya kira ni gefe, ya ce abin da ya rage na aikin ƙodar kaɗan ne.

"Da mun zo da wuri fa?" na tambaye shi.

"Da mun ja masa lokaci, wataƙila. Warkewa kam babu."

Ya ba mu amsa mu kai wa likitanmu, muka juyo Zariya. Yaya bai sake hawa keke ba. Shaƙuwa ta kama shi, numfashinsa ya koma warin fitsari, barci ya yi masa yawa har ya daina gane mu. Wata Laraba da hantsi ya cika.

Na kwashe 'ya'yansa na mayar da su gidana. Ƙaramin bai daina tambayar babansa ba sai da damina ta wuce.